Ribar da Ke Cin Uwar Kuɗi: Yadda Lissafi Bisa Farashin Asali Ke Ɓatarwa a Lokacin Hauhawar Farashi

A duk lokacin da hauhawar farashi ta yi tsanani, akan ga wani abu mai rikitarwa a rahotannin kuɗi na kamfanoni. Kamfani zai sanar da cewa ribarsa ta ƙaru fiye da ta bara, ya biya haraji mai kauri, ya raba wa masu hannun jari kasonsu, amma kafin sabuwar shekara ta yi nisa sai a gan shi yana neman rance don ya sayo adadin hajar da a da yake saye da kuɗin kansa. Ba lallai ne a ce an yi almundahana ba, kuma sau da yawa masu binciken kuɗi sun duba littattafan sun tabbatar da cewa komai ya bi ƙa'ida. Matsalar tana cikin ƙa'idar ce kanta, wato tsarin da ake kira lissafi bisa farashin asali.

Mene ne lissafi bisa farashin asali?

Tsari ne da ke cewa duk abin da kamfani ya saya, a rubuta shi a littafi da kuɗin da aka biya ranar da aka saye shi, kuma wannan adadi ne zai ci gaba da zama tushen duk wani lissafi da ya shafe shi har ya ƙare ko a sayar da shi. Injin da aka saya miliyan 100 zai zauna a littafi a matsayin miliyan 100, ana rage wani kaso daga ciki duk shekara saboda tsufa da lalacewa, wanda shi ne ake kira ragin daraja. Hajar da aka saro miliyan 10, ranar da aka sayar da ita miliyan 10 ɗin za a cire daga ciniki a matsayin kuɗin saye, ko da kuwa farashinta a wurin sari ya riga ya sauya.

Akantoci sun daɗe suna riƙe da wannan tsari saboda dalili mai ƙarfi. Kowane adadi yana da shaida: akwai rasiti, akwai takardar banki, akwai yarjejeniya. Mai binciken kuɗi zai iya bin sawun adadin har tushensa, kuma shugabannin kamfani ba su da damar ƙara wa kadara daraja bisa son ransu. To amma tsarin ya ginu ne a kan wani zato da ba a cika furta shi ba, cewa kuɗi ma'auni ne tabbatacce, wato miliyan ɗaya ta shekaru uku da suka wuce daidai take da miliyan ɗaya ta yau. Idan farashi na hawa da kashi 2 cikin 100 a shekara, kuskuren da ke cikin wannan zato ƙarami ne, ana iya kau da kai daga gare shi. Idan kuwa yana hawa da kashi 30 ko 50, to ma'aunin kansa ne ke raguwa ana cikin awo, kuma jimlar da aka samu ta haɗa adadin da ba jinsinsu ɗaya ba.

Kafin a shiga cikakken misali, ga ƙaramin hoto. An saro haja a kan 100 a farkon shekara, aka sayar da ita 140 a ƙarshenta. A tsawon shekarar farashin kayayyaki gaba ɗaya ya hau da kashi 50, ita kuma wannan haja sarinta ya koma 160. Littafi zai nuna ribar 40. Amma mai jarin yana bukatar 150 kafin ya iya sayen abin da 100 ɗinsa ke saye a farkon shekara, saboda haka ta fuskar ƙarfin saye ya yi asarar 10. Idan kuma niyyarsa ya mayar da hajar gurbinta, yana bukatar 160, giɓinsa ya zama 20. Ciniki ɗaya ne, amsa uku, kuma duk muhawarar da ake yi a wannan fanni tana komawa ne ga tambayar da ta raba amsoshin: wane jari ne ya kamata ya dawo cikakke kafin a ce an ci riba?

Kamfani ɗaya, shekara ɗaya

A ɗauki misalin wani kamfani da aka ƙirƙiro don bayani, duk adadinsa a miliyoyi. Kayan aikin da za a yi gyara da shi shi ne ma'aunin farashi na ƙasa, wato lambar da hukumar ƙididdiga ke fitarwa don nuna yadda farashin kayayyaki gaba ɗaya ke tafiya. A ce ma'aunin yana kan 100 lokacin da kamfanin ya sayi injinsa. Shekaru biyu bayan haka, a farkon shekarar da ake lissafi, ya kai 160; matsakaicinsa a tsawon shekarar 200 ne; a ƙarshenta ya kai 240. Ke nan farashi ya hau da kashi 50 a wannan shekara kaɗai.

Injin ya ci miliyan 100 kuma an ƙiyasta zai yi aiki shekaru 10, don haka ragin darajarsa miliyan 10 ne duk shekara. Kamfanin ya shiga shekarar da hajar miliyan 40, ya ƙara saro ta miliyan 300 a hankali daga wata zuwa wata, ya rufe shekara da ta miliyan 60 a sito. Kuɗin hajar da ya sayar ya kama miliyan 280 ke nan. Ya yi cinikin miliyan 400, ya kashe miliyan 70 a albashi da sauran hidimomi. Idan aka cire 280 da 70 da 10 daga 400, ribar da ta rage miliyan 40 ce. Jarin da ya fara shekarar da shi a littafi miliyan 150 ne, wanda ke nufin ribar ta kai kusan kashi 27 cikin 100 na jari. Idan haraji kashi 30 ne, zai biya miliyan 12, kuma miliyan 28 da suka saura za a ga kamar halal ne a raba su.

Yanzu a mayar da kowane adadi zuwa kuɗin ranar rufe shekara. Hanyar ba ta da wuya: a ninka adadin da ma'aunin ƙarshen shekara, a raba da ma'aunin lokacin da abin ya faru. Ciniki ya gudana ne a tsawon shekara, saboda haka za a ninka shi da 240 a raba da 200, miliyan 400 su koma 480. Haka sarin shekara zai koma 360, hidimomi su koma 84. Hajar farkon shekara kuwa an same ta ne lokacin da ma'auni ke 160, don haka miliyan 40 za su koma 60. Hajar da ta rage a sito sabuwar saye ce, a ce an saro ta ma'auni na kan 225, sai miliyan 60 su koma 64 kawai. Kuɗin hajar da aka sayar ya zama 60 a tara da 360 a cire 64, wato miliyan 356.

Babban tsallen yana wurin inji. An saye shi ma'auni na kan 100, yau yana kan 240, saboda haka ragin darajar da littafi ya rubuta miliyan 10 a haƙiƙa miliyan 24 ne da kuɗin yau. Idan aka cire 356 da 84 da 24 daga 480, ribar aiki ta sauka zuwa miliyan 16. Don a yi adalci wajen kwatance, ita ma ribar miliyan 40 ta littafi idan aka ɗaga ta daga matsakaicin ma'auni zuwa kuɗin ƙarshen shekara za ta kai kimanin 48, wanda ke nuna cewa kashi biyu bisa uku na abin da aka kira riba ya samo asali ne daga auna cinikin yau da kuɗin saye na jiya.

Abin lura a nan shi ne girman kuskuren yana bin shekarun abin da ake aunawa. Hajar da ta yi 'yan makonni a sito gyaranta kaɗan ne, wadda ta shekara gyaranta ya fi yawa, inji mai shekaru uku kuwa ragin darajarsa ya ninka fiye da sau biyu. Wannan ne ya sa masana'antu masu tsofaffin injuna da manyan gine-gine suka fi fuskantar ruɗin fiye da kamfanin da hajarsa ke juyawa cikin kwanaki. Kuma illar ta biyu tana biye da ta farko: da yake kadarorin suna zaune a littafi da tsohon farashi, jarin da ake raba riba da shi ya yi ƙasa da gaskiya. An kumbura riba, an tsuke jari, sai kason riba a kan jari ya fito da kyan da ba nasa ba. Jarin da littafi ya ce miliyan 150 ne, da kuɗin ƙarshen shekara miliyan 297 ne.

Asarar da littafi ba ya gani

Akwai wani ɓangare da lissafi bisa farashin asali bai tanadar masa gurbi ba sam, kuma shi ne ya fi wuyar fahimta ga wanda ba akanta ba. Abubuwan da kamfani ya mallaka ko ake bin sa sun kasu biyu. Akwai waɗanda adadinsu a kuɗi tsayayye ne, kamar tsabar kuɗi, ajiyar banki, bashin da kamfani ke bin abokan ciniki, da bashin da masu kawo kaya ko banki ke bin sa. Akwai kuma waɗanda abu ne na zahiri da farashinsa ke iya tafiya tare da kasuwa, kamar haja, inji, fili da gini. Rukuni na biyu yana da wata kariya daga hauhawar farashi, rukuni na farko kuwa ba shi da ita, domin wanda ake bi miliyan 5 miliyan 5 ɗin zai biya komai yadda darajarsu ta zube kafin ranar biya.

Kamfanin misalinmu ya shiga shekara da miliyan 50 na tsabar kuɗi da bashin da yake bin mutane, ana kuma bin sa miliyan 20, saura miliyan 30 a hannunsa. A cikin shekara ya ƙara tara miliyan 30, wato ciniki 400 bayan an cire sari 300 da hidimomi 70. Ya rufe shekara da miliyan 60. Da a ce kuɗin sun riƙe ƙarfin sayensu, miliyan 30 na farko da sun zama 45, na cikin shekara kuma da sun zama 36, jimla 81. Tazarar da ke tsakanin 81 da 60, wato miliyan 21, asara ce ta gaske ko da yake babu wanda ya saci ko sisi kuma babu rasitin da zai nuna ta. Idan aka cire ta daga ribar aiki ta miliyan 16, kamfanin ya yi asarar miliyan 5 tun kafin haraji. Ana iya tabbatar da wannan ta wata hanyar: jarin da ya fara da shi miliyan 297 ne da kuɗin yau, wanda ya rufe da shi kuwa 292 ne, wato inji 168, haja 64, da kuɗi 60. Harajin miliyan 12 zai kai giɓin zuwa 17, kuma idan aka raba miliyan 28 ga masu hannun jari, to uwar kuɗinsu ce aka yanko aka mayar musu da sunan riba.

Sai dai ruɗin ba kullum yake karkata ɓangare ɗaya ba, kuma wannan batu ne da ake yawan mantawa da shi. A ce wani kamfani yana ɗauke da rancen miliyan 100 tun daga farkon shekara har ƙarshenta, yana biyan kuɗin ruwa kashi 35 a ƙarshen shekara. Littafinsa zai nuna ɗawainiyar miliyan 35 ba tare da komai a gefenta ba. Amma miliyan 100 da ya karɓa daidai suke da 150 na yau, shi kuma 100 kawai ake bin sa, saboda haka nauyin bashin ya ragu da miliyan 50. Bayan an cire kuɗin ruwa, ya samu rarar miliyan 15 daga aljihun mai ba shi rance. Ga irin wannan kamfani, lissafin asali yana iya nuna riba ƙasa da gaskiya ta wannan fuskar. Kamfanoni biyu da suka sanar da riba iri ɗaya suna iya kasancewa ɗaya yana narkewa ɗaya yana ƙiba, gwargwadon wanda ke riƙe da kuɗi da wanda ke riƙe da bashi.

Hanyoyi biyu na gyara, da abin da ya raba su

Gyaran da aka yi a sama shi ne hanya ta farko, wadda ake kira lissafi bisa ƙarfin sayen kuɗi. Ba ta watsar da farashin asali ba, ta dai sauya ma'aunin da aka rubuta shi da shi. Masu goyon bayanta suna cewa tana riƙe da babban alherin tsohon tsari, domin rasitin yana nan, ma'aunin farashi kuma na kowa ne, ba shugaban kamfani ya ƙirƙire shi ba. Jarin da take karewa shi ne ƙarfin sayen kuɗin da masu hannun jari suka zuba. Masu suka kuwa suna nuna cewa ma'aunin ƙasa an gina shi ne a kan abin da iyalai ke saye, ba a kan abin da kamfani ke saye ba. Injin da aka gyara darajarsa zuwa miliyan 240 ba yana nufin za a same shi a haka a kasuwa ba. Idan daga waje ake shigo da shi kuma kuɗin ƙasar ya faɗi, sabonsa yana iya kai miliyan 300, idan kuma fasaha ta wuce shi yana iya yin ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce lissafi bisa farashin yanzu. Tana tambayar nawa kamfani zai kashe yau don ya mayar da hajar da ya sayar da kuma kason injin da ya cinye. A misalinmu, idan sabon inji miliyan 300 ne, ragin daraja zai zama miliyan 30. Jarin da take karewa shi ne ƙarfin aikin kamfanin, wato ikonsa na ci gaba da samar da adadin kayan da ya saba. Ta kuma raba riba gida biyu: wadda ta fito daga aiki, da wadda ta fito daga riƙe kadara har farashinta ya tashi, kuma ta biyun ba a raba ta sai a ajiye ta a asusun kare jari. Ga mai tafiyar da kamfani wannan hanya ta fi amsa tambayoyinsa na yau da kullum, musamman wajen sa farashi. Rauninta shi ne ƙiyasi ya yi yawa a cikinta. Tsohon inji sau da yawa ba a ƙera irinsa kuma, sabon da ya maye gurbinsa ya fi shi sauri ko tsimin makamashi, sai an yi hasashe kafin a kwatanta su, kuma inda hasashe ya shiga, damar karkatar da lissafi ta buɗe. Ba ta kuma ce komai da kanta a kan zubewar darajar kuɗi ba, sai an ƙara mata wasu gyare-gyare na bashi da kuɗin juyawa.

Tarihi ya gwada hanyoyin biyu. A Birtaniya, inda hauhawar farashi ta zarce kashi 20 cikin 100 a 1975, akantoci sun fara karkata ga hanyar ƙarfin saye, amma kwamitin Sandilands da gwamnati ta kafa ya fitar da rahoto a wannan shekarar yana fifita farashin yanzu. Daga nan ne aka samu ƙa'idar SSAP 16 a 1980, wadda kamfanoni da yawa suka yi ta ƙorafi a kan wahalarta da tsadarta, har aka daina tilasta ta a 1985, aka janye ta a 1988. A Amurka ƙa'idar FAS 33 ta 1979 ta bukaci manyan kamfanoni su ba da ƙarin bayani bisa hanyoyin biyu, amma a 1986 aka mayar da hakan ganin dama. A ƙasashen biyu, sha'awar gyaran ta mutu ne yayin da hauhawar farashin ta lafa, ba don an warware muhawarar ba.

Abin da ƙa'idar duniya ta tanada

Ƙa'idar da ta rage tana aiki a yau ita ce IAS 29, wadda aka fitar a 1989, kuma ta bi hanyar ma'aunin farashi na gaba ɗaya. Ta shafi kamfanin da kuɗin da yake gudanar da harkokinsa da shi na ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kima ne. Ba ta yanke wata lamba guda a matsayin iyaka ba, ta dai lissafa alamomi: jama'a sun fi son ajiye dukiyarsu a kadara ko a kuɗin waje, ana faɗin farashi da kuɗin wata ƙasa, cinikin bashi yana ɗauke da ƙarin da zai rama zubewar kuɗi ko da wa'adin gajere ne, albashi da kuɗin ruwa suna bin ma'aunin farashi, sannan jimlar hauhawar farashi ta shekaru uku ta kusa ko ta wuce kashi 100. Wannan ta ƙarshen ce aka fi dubawa, kuma kimanin kashi 26 a kowace shekara sau uku a jere ya isa ya kai ta. Ajantina ta shiga wannan rukuni a 2018, Zimbabuwe a 2019, Turkiyya kuma a 2022.

Idan ƙa'idar ta hau kan kamfani, matakan su ne waɗanda aka bi a misalin nan. Ana barin tsabar kuɗi da basussuka yadda suke, tunda dama da kuɗin ranar rufewa aka faɗe su. Ana ɗaga sauran kadarori daga ranar da aka same su. Ana ɗaga ciniki da ɗawainiya daga lokacin da suka faru. Riba ko asarar riƙe kuɗi da bashi tana shiga cikin ribar shekara a bayyane. Adadin bara ma ana mayar da shi kuɗin bana don kwatance ya yi ma'ana. Akwai kuma birki: ba a yarda darajar da aka ɗaga ta wuce abin da kadarar za ta iya dawowa da shi ba, ko ta hanyar aiki ko ta sayarwa. A aikace, abin da ya fi ba kamfanoni wahala shi ne rajistar kadarori, domin idan ba a san watan da aka sayi kowane inji ba, babu ma'aunin da za a raba da shi. Ingancin ma'aunin kansa ma abin dubawa ne, domin idan lambar hukuma ta yi ƙasa da abin da ke faruwa a kasuwa, gyaran zai gaji wannan naƙasu.

Giɓin da ya fi girma shi ne na ƙasashen da ke ƙasa da layin kashi 100 ɗin. Hauhawar kashi 20 a shekara tana ba da jimlar kusan kashi 73 a shekaru uku, wanda bai kai 100 ba, amma ya isa ya mayar da ragin darajar tsohon inji ƙasa da rabin gaskiyarsa cikin shekaru huɗu. A irin wannan yanayi rahoton hukuma zai ci gaba da fita bisa farashin asali, sai dai a nemi gyara ta wasu ƙofofin.

Ɗaya daga cikinsu ita ce sake kimanta gine-gine da injuna, wadda ƙa'idar IAS 16 ta halatta da sharaɗin a yi wa dukan rukunin kadarar, a kuma riƙa sabunta kimar a kai a kai. Wannan yana gyara darajar kadara da ragin daraja, amma bai taɓa haja ko asarar riƙe kuɗi ba. Ta fuskar haja, tsarin FIFO, wanda ke ɗauka cewa hajar da ta fara shiga ita ta fara fita, shi ne ya fi kumbura riba lokacin tashin farashi. Tsarin LIFO, wanda ke ɗaukar farashin sari na baya-bayan nan, yana rage kumburin, amma yana barin hajar sito da tsohon farashi. Dokokin lissafi na Amurka sun yarda da shi, ƙa'idar IAS 2 kuwa ta hana. Abin da ya rage ga mai bin ƙa'idar duniya shi ne matsakaicin farashi, wanda sauƙinsa kaɗan ne. Bayan waɗannan, babu abin da ya hana kamfani ya riƙa yin gyararren lissafi na cikin gida don amfanin shugabanninsa, ya sa farashi bisa kuɗin sari na yau, ya kuma ƙayyade rabon riba bisa gyararren adadi.

Yadda abin ke taɓa mutane, da yadda ake gane shi

Mai ƙaramin hannun jari shi ne na farko da ruɗin ke kamawa, domin yana karɓar rabo mai daɗi yau, bayan 'yan shekaru kuma a nemi ya ƙara zuba kuɗi ko a tsinke rabon saboda inji ya mutu kuma ragin darajar da aka tara bai kai rabin kuɗin sabo ba. Ma'aikata suna ganin ribar da aka sanar su gina bukatar ƙarin albashi a kanta, shugabanni kuma su ce babu kuɗi, kuma yana yiwuwa kowane ɓangare gaskiyarsa yake faɗi bisa takardar da yake kallo. Haraji kuwa a yawancin ƙasashe bisa farashin asali ake lissafa shi, ko da rahoton kamfani ya bi IAS 29, saboda haka kashi 30 da ke rubuce a doka yana iya zama kashi 75 na ribar aiki ta gaskiya, kamar yadda miliyan 12 suka kasance a kan miliyan 16 a misalin nan. Su ma hukumomin haraji suna da hujjarsu: gyaran yana rage kuɗin shiga a lokacin da gwamnati ta fi bukata, yana da wuyar bincike, kuma adalci zai bukaci a ɗora haraji a kan ribar da waɗanda ake bi bashi ke samu, abin da su ma kamfanonin ba sa so.

Mai karanta rahoton kamfani yana iya gano alamun ba tare da ya sake lissafin gaba ɗaya ba. Ya fara kwatanta ƙaruwar ciniki da hauhawar farashi, domin cinikin da ya ƙaru da kashi 30 a shekarar da farashi ya hau da kashi 50 raguwa ya yi da kimanin kashi 13. Ya duba adadin kayan da aka sayar, tan ko katan ko lita, maimakon kuɗinsu kaɗai. Ya ajiye ribar da aka sanar kusa da tsabar kuɗin da aiki ya samar a rahoton shige da ficen kuɗi, domin idan riba na hawa alhali kuɗin na maƙalewa a haja da bashin abokan ciniki, kuma gajeren rance na ƙaruwa duk shekara, to ribar ba ta iya ɗaukar nauyin kanta. Sannan ya kwatanta ragin daraja da abin da kamfanin ke kashewa wajen sabunta injuna, ya kuma raba jimlar ragin darajar da aka tara da na shekara ɗaya don ya sami kimanin shekarun kadarorin. A kamfanin misalinmu wannan rabon zai ba da 30 bisa 10, wato shekaru uku, kuma da wannan lambar da ma'aunin farashi na shekaru ukun mai karatu zai iya ninka ragin darajar da 2.4 da kansa, ya ga miliyan 14 sun fita daga ribar tun kafin ya taɓa haja ko kuɗin da ke ajiye a banki.